Ragon Layya a Makka: Me Ya Sa Ake Yanka Shi, Kuma Wa Ke da Rabo a Namansa?

Ranar 10 ga Zulhajji, yanka iri biyu ake yi a Makka, kuma da yawa daga cikinmu Hausawa mazauna garin muna cuɗa su wuri guda. Akwai hadaya, wadda ke kan alhajin da ya haɗa umara da hajji a tafiya ɗaya. Akwai kuma layya, wadda magidanci ke yi wa kansa da iyalinsa, ko a unguwar Shara Mansur ta nan Makka yake zaune ko a Sakkwato. Dabba ɗaya ce, wuƙa ɗaya, rana ɗaya, amma hukuncin ba ɗaya ba ne. A kan wannan ruɗanin kuma sai wani ya hau: yawancinmu a mazhabar Malikiyya muka tashi, ga shi muna zaune a ƙasar da fatawarta ta fi bin Hambaliyya. Shi ya sa za ka ji maƙwabta biyu suna gardama a kan tarayya a saniya, ko a kan kasa nama uku, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya kauce, alhali kowannensu yana da malaman da ya dogara da su.

Kafin a je ga rabon nama, sai an fahimci dalilin yankan, domin duk ƙa'idojin rabon daga nan suka ɓullo.

Tushen abin yana cikin Suratus Saffat, daga aya ta 100 zuwa ta 107. Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya roƙi Allah ɗa na gari, aka ba shi bayan ya tsufa. Da yaron ya kai munzalin tafiya aiki tare da mahaifinsa, sai uban ya gaya masa cewa yana ganin kansa a mafarki yana yanka shi, ya kuma nemi jin ra'ayinsa. Yaron ya amsa cewa ya aikata abin da aka umarce shi, in Allah ya so zai same shi cikin masu haƙuri. Da suka miƙa wuya su biyun, uban ya kwantar da ɗan a kan gefen goshinsa, sai aka kira shi cewa ya gaskata mafarkin, aka fanshi yaron da abin yanka mai girma. Ayoyin ba su ambaci sunan yaron a wannan wurin ba, amma abin da ya fi shahara tsakanin Musulmi shi ne Annabi Isma'il ne, kuma daga cikin hujjojin akwai cewa bushara da Annabi Ishaƙ ta zo ne a aya ta 112, bayan an gama labarin.

Abin lura a nan shi ne ba a nemi nama daga Annabi Ibrahim ba. An nemi ya nuna cewa babu abin da ya fi umarnin Allah girma a zuciyarsa, ko da ɗan da ya daɗe yana jira ne. Wannan ma'anar ce Suratul Hajji ta fito da ita fili a aya ta 37, inda Allah ya ce naman dabbobin da jininsu ba za su isa gare shi ba, abin da ke isa gare shi shi ne tsoron Allah daga gare ku. Su kuwa Larabawan jahiliyya sukan yanka wa gumakansu, su shafa musu jinin. Musulunci bai hana yanka ba, sai ya juya shi ga Allah kaɗai: Suratul Kausar ta haɗa salla da suka a aya ɗaya, ta ce ka yi salla domin Ubangijinka kuma ka soke abin yanka. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aikata hakan da hannunsa. Anas ɗan Malik ya ba da labari, a Buhari da Muslim, cewa ya yi layya da raguna biyu farare masu ratsin baƙi, masu ƙaho, ya ɗora ƙafarsa a gefen wuyansu, ya yi bisimilla, ya yi kabbara, ya yanka.

To ke nan ibadar ita ce zubar da jinin domin Allah, a lokacin da aka ƙayyade, daga dabbar da aka ƙayyade. Daga nan za ka gane amsar wata tambaya da ke dawowa kowace shekara: ba gara na sayi kilo ashirin na nama a kanti na raba wa mabuƙata ba, tun da ya fi araha? Wanda ya yi haka ya yi sadaka, kuma yana da ladanta, amma bai yi layya ba. Akwai hadisin da ya raba gardamar. Abu Burda ɗan Niyar, kawun Barra'u ɗan Azib, ya yi sammakon yanka tun kafin sallar idi saboda yana son gidansa ya riga kowa cin nama, ga maƙwabtansa kuma mabuƙata. Niyya ce mai kyau, amma Manzon Allah ya gaya masa cewa wannan akuya ce ta nama kawai, sai ya sake wata. Nama ya samu, maƙwabta sun ci, duk da haka layya ba ta yi ba saboda lokaci bai shiga ba.

Game da nauyin hukuncin kuwa, Malik da Shafi'i da Ahmad sun tafi a kan cewa sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da hali, Abu Hanifa ya ce wajibi ce a kan mai wadata mazauni. Babu wanda ya ce mutum ya sayar da keken ɗinkinsa ko ya kasa biyan kuɗin haya domin rago. Ina faɗin haka ne da gangan, domin na san yadda matsin idon jama'a yake a unguwanninmu, inda gida ke manne da gida kuma yara ke ƙirga ragunan maƙwabta.

Bari mu ɗauki misalin gida guda mu bi shi daki-daki. Magidanci ne tela, yana zaune a Makka da matarsa da 'ya'ya biyar da mahaifiyarsa. A shagonsa yana da yaron aiki, ɗan garinsu amma ba dangi ba, wanda ke kwana a shago. Bana kuma yayansa ya zo daga Kano aikin hajji, kuma tamattu'i ya yi, wato ya yi umara ya kwance harami, sannan ya sake ɗaura na hajji ranar 8 ga wata.

Tambaya ta farko a irin wannan gida kusan kullum daga bakin ƙane take fitowa: "Yaya, tun da ga ka a gari, ba sai in sa ka cikin ragona ba, ka huta da biyan kuɗin hadaya?" Amsa ita ce a'a. Hadayar tamattu'i wajibi ce a wuyan yayan shi kaɗai, bisa aya ta 196 ta Suratul Baƙara, kuma rago ɗaya ba ya ɗaukar hadayar wani da layyar wani. In ba shi da halin saye, ayar ta ba shi mafita: azumin kwana uku a lokacin hajji da bakwai idan ya koma gida. Ita dai wannan ayar ce ta ɗauke hadayar tamattu'i daga kan mazauna Harami, don haka da telan ne ya yi tamattu'i, babu jini a kansa. Sannan a Malikiyya alhaji ba a neman layya daga gare shi, hadaya ce sunnarsa. Mafi yawan sauran malamai sun halatta masa ya yi duka biyun in ya so, wanda shi ya sa wasu alhazai ke barin kuɗin rago a gida kafin su taso.

Yayan, kamar yawancin alhazai yanzu, ba zai riƙe wuƙa ba. Zai sayi takardar hadaya, a yanka a madadinsa a manyan mayankan Mu'aisim da ke gefen Mina. Wannan tsari ya soma ne a 1983, lokacin da gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi alhakin kula da naman hadaya da layya. Tsofaffinmu sun ga yadda abin yake kafin nan: dabbobi birjik a Mina, an yanka an bar su a rana, talakawa su ɗebi abin da za su iya, masu dabara su yanyana su shanya, saura kuma a binne ko a ƙone saboda wari. Yanzu likitocin dabbobi na duba su, a feɗe, a daskarar, a raba wa talakawan Harami, rarar kuma a aika wa mabuƙata a wasu ƙasashen Musulmi. Wakilci a yanka halal ne, domin a hajjin ban kwana Manzon Allah ya soke raƙuma 63 da hannunsa, ya wakilta Aliyu ya ƙarasa sauran har suka cika 100.

Mu koma kan telan. Rago ɗaya ya ishe shi da iyalinsa gaba ɗaya. Abu Ayyub Al-Ansari ya ce a zamanin Annabi mutum yakan yi layya da akuya ko tunkiya ɗaya domin kansa da mutanen gidansa, su ci su ciyar, sai daga baya mutane suka mayar da abin alfahari. Malikiyya sun sa sharuɗɗa ga wanda za a shigar cikin ladan: ya zama dangi ne ko matar aure, yana zaune tare da mai layyar, kuma shi ke ciyar da shi. Matar telan da 'ya'yansa da mahaifiyarsa duk sun shiga, matuƙar ya yi niyyar shigar da su kafin ya yanka. Yaron shago bai shiga ba, domin ba dangi ba ne. Wannan ba ya hana shi cin nama, hasali ma yana cikin waɗanda suka fi cancanta da shi, kamar yadda za mu gani.

Inda gardama ta fi zafi shi ne karo-karo. Abokai bakwai su haɗa kuɗi su sayi sa ko raƙumi, kowa ya ɗauki kashi ɗaya cikin bakwai. A wurin Hambaliyya da Shafi'iyya da Hanafiyya wannan ya inganta, kuma hujjarsu hadisin Jabir ne a Muslim, cewa a shekarar Hudaibiyya sun soke raƙumi domin mutum bakwai, saniya ma domin mutum bakwai. Malikiyya ba su yarda da tarayya a kuɗin layya ba, sun yarda da tarayya a lada ne kawai. A ganina, wanda albashinsa ba zai kai shi ga rago ba amma zai kai shi ga kashi ɗaya cikin bakwai, yana da hadisi ingantacce da mazhabobi uku a bayansa, bai kamata a hana shi ba. Abin da babu wanda ya halatta shi ne mutum biyu su haɗa kuɗi su sayi rago ɗaya, kowa yana ƙirga rabi a matsayin layyarsa. Kuma ana yin haka da yawa cikin rashin sani. Gyaran mai sauƙi ne: ɗaya ya ba wa ɗayan kuɗinsa kyauta, ragon ya zama mallakar mutum guda, shi ya yi layya, sannan su ci nama tare.

A kasuwa telan zai tarar da Najdi da Na'imi da Harri, waɗanda ke da tsada, da Sawakini da ake kawowa daga Sudan, da Barbari na Somaliya, wanda ya fi ƙanƙanta da sauƙin kuɗi. Jinsi ba ya ƙara wa layya inganci, shekaru da lafiya ne abin dubawa. Malikiyya a mashahurin zance suna son rago ya cika shekara, Hambaliyya sun karɓi ɗan wata shida, don haka wanda ya sayi mai shekara ɗaya ya fita daga saɓani. Aibubbuka huɗu da hadisin Barra'u ya ambata su ne ido ɗaya da ya bayyana, rashin lafiya da ya bayyana, gurguntaka da ta bayyana, da rama wadda ta kai babu ɓargo a ƙashi. Kada ya saya daga kan mota. Ya sa a sauko da ragon, ya ga tafiyarsa, ya duba idanu da hanci ko suna zubar ruwa, ya shafa gadon baya ya ji ko ƙashi ne ke tokarar hannunsa, domin gashin Najdi mai tsawo yana ɓoye rama. Ragon da ya ware kansa daga garke, ya sunkuyar da kai, ba ya tuƙa, a bar wa mai shi abinsa.

Lokacin yanka yana farawa bayan sallar idi, Malikiyya kuma sun ƙara cewa bayan liman ya yanka nasa, ko an jira gwargwadon lokacin da zai yanka. Kwana uku ne a wurinsu, 10 da 11 da 12, kuma da rana. Shafi'iyya sun kai shi faɗuwar ranar 13, kuma wannan ita ce fatawar da aka fi ji daga manyan malaman Saudiyya. Da yake hukuma ba ta yarda da yanka a bakin titi ba, kuma mayanka takan cika maƙil ranar farko, babu laifi mutum ya bari sai rana ta biyu, duk da cewa ta farko ta fi falala.

Yanzu an yanka, an feɗe. A ce ragon Sawakini ne mai nauyin kilo 45 da ransa. Bayan an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da zai rage bai fi kilo 21 ba, haɗe da ƙashi. A nan ne uwar gida za ta ce, "Malam, a kasa uku ko?" Kuma a nan ne ya kamata a san mene ne nassi, mene ne kuma shawarar malamai.

Alƙur'ani bai ƙayyade kashi ba. Aya ta 28 ta Suratul Hajji ta ce ku ci daga gare su, ku ciyar da matalauci mai tsananin buƙata. Aya ta 36 ta ce ku ci, ku ciyar da wanda ya kame bai roƙa ba da wanda ya bijiro yana nema. Daga wannan ta biyun ne, tare da abin da aka ruwaito daga Ibn Mas'ud da Ibn Umar, Hambaliyya da Hanafiyya suka so a kasa uku: kashi na gida, kashi na kyauta, kashi na sadaka. Mustahabbi ne a wurinsu, ba farilla ba. Malikiyya sun ce abin so shi ne a haɗa ci da sadaka da kyauta, ba tare da iyaka ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗan tsaurara a gefe guda: dole ne wani abu ya isa hannun talaka, ko da kaɗan ne, kuma Shafi'iyya sun ce ɗanye za a ba shi, ba a dafa a kira shi ci ba. Saboda haka wanda ya cinye ragonsa kaf bai ba kowa ba, layyarsa ta inganta a Malikiyya amma ya bar abin da ya fi, a wurin wasu kuma sai ya sayi ɗan nama ya biya haƙƙin talaka.

Akwai hadisin da nake ganin shi ne mabuɗin wannan babi. Wata shekara Manzon Allah ya hana a ajiye naman layya fiye da kwana uku. Da shekara ta zagayo sahabbai suka tambaya ko su yi kamar bara, sai ya ce su ci, su ciyar, su ajiye, domin waccan shekarar mutane na cikin wahala ne, ya so su taimaka. Nana A'isha ta bayyana cewa wasu talakawan ƙauye ne suka shigo Madina a lokacin. Wato ma'aunin rabo shi ne halin da mutanen gari ke ciki. Idan yunwa ta shigo unguwa, kashin gida ya ragu. Idan gidanka ne mai yunwar, kashinsa ya ƙaru.

In muka koma ga kilo 21 na telan, kasawa uku na nufin kilo 7 kowane kashi. Gidansa mutum takwas ne, ga baƙo na tara da zai sauko daga Mina, kuma ba kullum suke ganin naman rago ba. Idan ya riƙe kilo 11 da kayan ciki da kai, ya fitar da kilo 10, babu mazhabar da za ta ce ya yi laifi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda zai fitar da goman. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yayyanka su ƙanana a ƙulla leda talatin, kowa ya sami tsoka uku da ƙashi, wanda ba zai yi wa ko miyar dare ɗaya ba. Gara ya zaɓi gidaje kaɗan ya ba su abin da zai cika tukunya. Misali kilo biyu-biyu ga gidaje uku mabuƙata: matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, dattijon da ƙarfinsa ya ƙare ba ya iya fita nema, da gidan da mai shi ya daɗe ba aiki. Kilo ɗaya ga yaron shago. Sauran ukun su tafi kyauta ga suruki da maƙwabcin ƙofa, ko da su ma sun yanka, domin kyauta ba sai ga matalauci ba.

Aya ta 36 ta ambaci mutum biyu, amma a aikace ɗaya ne ke samu. Mai bijirowa yana tsaye a ƙofar mayanka tun da safe, kafin azahar ya tara abin da ya fi na mai layyar. Mai kamewa kuwa yana cikin ɗakinsa, ya rufe ƙofa don kada 'ya'yansa su ji ƙamshin suyar maƙwabta. A cikin Hausawan Makka irinsa suna da yawa, mutanen da suka saba bayarwa a da, yau kunya ta hana su nuna hali. Mata sun fi maza sanin su, don su ke shiga gidaje. Shi ya sa ya kamata magidanci ya zauna da matarsa da mahaifiyarsa tun daren sallah ya ce, "Hajiya, wa kika sani a lungun nan da bana ba su yanka ba?" A tsara sunayen kafin wuƙa ta taɓa rago, kuma a aika yaro da kwano a rufe, ba a kira mutum ya zo ya tsaya a layi ba. Sannan a duba abin da ake sakawa a kwanon. In cinya da gadon baya duk sun shige firjin gida, wuya da kitse da huhu suka tafi sadaka, nauyi ya cika amma adalci bai cika ba. A haɗa kowane kashi da tsoka da ƙashi daidai gwargwado.

Shi ma cin mai layya daga abin da ya yanka ba kwaɗayi ba ne, umarni ne da ya zo a ayoyin biyu kafin umarnin ciyarwa. A hajjin ban kwana, bayan an soke raƙuman nan 100, Manzon Allah ya sa aka yanko tsoka daga kowanne, aka zuba a tukunya ɗaya aka dafa, shi da Aliyu suka ci naman suka sha romon. Al'adar gidajenmu ta fara gasa hanta tun kafin a gama fiɗa ta dace da abin da malamai da dama suka so, cewa mai layya ya fara karyawa da naman layyarsa. In ya ga dama ya yi tsire, ya yi dambu, ya soya ya adana har Muharram, duk an sake masa.

Abin da ba a sake masa ba shi ne sayarwa. Da zarar an yanka dabba domin Allah, ta fita daga sahun haja: ba a sayar da nama, ba a sayar da kai, ba a sayar da fata don a sa kuɗin a aljihu. Nan ne mutane ke faɗawa ba su sani ba, ta hanyar mahauci. Ranar sallah mahauta na tsada, sai ciniki ya kai ga cewa, "Alhaji, ka ba ni riyal hamsin, sai in ɗauki fata da kai." Wannan sayarwa ce a fakaice, domin an biya wani ɓangare na aikin da jikin layya. Aliyu ya ce Manzon Allah ya umarce shi ya yi sadaka da naman raƙumansa da fatunsu, kada ya ba mahauci komai daga ciki a matsayin lada, ya ce za su biya shi daga wurinsu. Hanyar da ta kuɓuta ita ce a yanke kuɗin aiki cikakke tun farko, a biya shi da riyal. Bayan haka in mai layya ya ga mahaucin mabuƙaci ne, ya ba shi nama ko fatar kyauta, babu laifi. Yadda mutum zai gane ko ya faɗa tarkon shi ne ya tambayi kansa: da ban ba shi fatar ba, zai nemi ƙarin kuɗi? In amsar e ce, fatar ta zama kuɗin aiki. Ita fatar, ko ya jeme ta ya yi buzu, ko ya bayar da ita sadaka. Talakan da aka ba nama ko fata kuwa mallakarsa ce, yana iya sayarwa in kuɗin ya fi masa amfani.

Akan kuma tambaya game da abokin aiki wanda ba Musulmi ba, musamman ga 'yan'uwanmu da ke Jidda ko Riyad inda ake cuɗanya da su. An ruwaito Malik ya karhanta a aika masa, Hambaliyya sun halatta a ba shi daga kashin kyauta, musamman maƙwabci ko matalauci. Wanda ya ba shi bai ɓata layyarsa ba.

Saura abu ɗaya da littattafan fiƙihu ba su faɗaɗa a kai ba, amma yake lalata rabo a zahiri, wato zafi. A 'yan shekarun nan sallah na faɗowa lokacin da zafin Makka ke haura digiri 40. Naman da aka yanka yanzu yana da ɗumin jiki, in aka cusa shi a baƙar leda aka ɗaure, aka jefa bayan mota, aka tsaya gaishe-gaishe gida-gida, kafin la'asar ya soma juyawa. Alamarsa ita ce wari mai tsami idan an buɗe ledar, da yauƙi a jikin tsoka, da launin kore-kore kusa da ƙashi, musamman a cinya inda nama ya fi kauri kuma ya fi jinkirin hucewa. Mu a gida mun saba rataye rago ya kwana ya sha iska, to wannan ba ya yiwuwa a ɗakin bene da zafi irin na nan. Abin yi shi ne a raba gaɓoɓin da zarar an iso gida, a baza su a faranti a ɗaki mai sanyi su huce, kada a jibga su kan juna. A ware tumbi da hanji daban, a wanke su a dafa a ranar. Firiza ma in aka cika ta da nama mai ɗumi a dunƙule, waje zai daskare, ciki ya lalace, don haka a ƙulla shi ƙanana, a shimfiɗe, a bar tazara tsakani. Kashin sadaka shi ya kamata ya fara fita, cikin sa'o'in farko, kuma a tambayi wanda za a ba ko yana da firji. Yaron shagon telan ba shi da shi, ba shi ma da murhu. Shi kilo ɗayansa, bayan an nuna masa ɗanye an ce ga rabonka, sai uwar gida ta karɓa ta soya masa da gishiri har ruwan ya ƙone, ta zuba masa a kwano mai murfi tare da ɗan kitsensa, yadda zai kai shi kwanaki yana ci.